Idon jaririna ya yi rawaya a kwana na huɗu: mu jira bayan suna, ko mu tafi asibiti?

Tambaya daga wani mai karatu a Tudun Wadan Zariya: "Likita, maiɗakina ta haifi namiji, yau kwana huɗu. Tun jiya muka ga idonsa ya yi rawaya, yau kuma har ƙirjinsa. Yana kama nono. Mahaifiyata ta ce shawara ce irin wadda kowane jariri yake yi, a riƙa fito da shi hantsi a ba shi ruwan gulukos, in ba ta wuce ba sai a je asibiti bayan suna. Me ke kawo ta, kuma yaushe take zama haɗari?"

Malam, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Kafin dogon bayani: a kai yaron a auna jininsa yau, kada a jira suna. Sunan gwajin da za a rubuta maka a takarda SB, wato awon bilirubin, sinadarin da ke kawo rawayar, a cikin jini, kuma ɗan jini kaɗan ake ɗiba. Hajiya ba ta yi ƙarya ba da ta ce yawancin jarirai suna yi, domin kusan shida cikin goma na waɗanda suka cika wata tara suna yin rawaya a makon farko, bakwaini kuwa kusan takwas cikin goma, kuma mafi yawansu tana wucewa ba a yi komai ba. Matsalar ita ce a kwana na uku ko na huɗu, mai wucewa da mai taɓa ƙwaƙwalwa kamanninsu ɗaya a ido. Tsakanin kwana uku da bakwai ne bilirubin yake kai ƙololuwa, wato daidai lokacin da gida ya shagala da shirin suna.

Inda rawayar take fitowa

Jajayen ƙwayoyin jini suna da wa'adi. Na babban mutum suna yin kamar kwana 120 sannan saifa ta rushe su, na jariri kuwa kwana 70 zuwa 90 kawai suke yi. Ga shi kuma jariri yana zuwa duniya da jajayen ƙwayoyi masu yawa, saboda a cikin ciki iskar da yake samu ta mabiyiya kaɗan ce, sai jiki ya tara masu ɗaukar ta. Da ya fito ya fara numfashi da huhunsa, wannan rarar ba ta da sauran aiki. Duk ƙwayar da aka rushe, jiki yana adana ƙarfen da ke cikinta don ya sake amfani da shi, ragowar abin da ya ba ta launin ja kuma ya rikiɗe ya zama wani sinadari rawaya, shi ne bilirubin. Idan aka yi la'akari da nauyin jiki, abin da jariri yake samarwa a rana ya ninka na babba sau biyu ko fiye.

Bilirubin da ya fito sabo ba ya narkewa a ruwa, mai yake so. Don haka ba ya iya fita ta fitsari, kuma ba ya yawo a jini shi kaɗai, sai wani furotin mai suna albumin ya ɗauke shi ya kai hanta. Hanta ce take sauya shi ya zama mai narkewa a ruwa, ta zuba shi cikin ruwan matsarmama, ya gangara hanji, ya fita da kashi. Shi ya sa kashin jariri mai lafiya yake zama rawaya bayan baƙin kashin nan na kwanakin farko ya ƙare. To, lokacin da yaro yake ciki, hantar uwa ce take yi masa wannan aiki. Tasa hantar sai bayan haihuwa take fara koyo, kuma tana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ta kama aiki sosai. Akwai kuma abu na uku da mutane ba su cika sani ba: idan kashi ya daɗe a hanjin jariri, hanjin yana warware aikin da hanta ta yi, ya sake tsotse bilirubin ɗin ya mayar da shi jini. Jaririn da ba ya samun isasshen nono ba ya yin kashi da yawa, sai rawayarsa ta ƙaru.

Wannan ita ce shawarar da Hajiya ta sani. Tana bayyana a kwana na biyu ko na uku, ta yi ƙarfi a kwana na huɗu ko na biyar, ta lafa kafin mako biyu. Yaro yana tsotso da ƙarfi, yana farkawa da kansa, yana jiƙa nafkin.

Lokacin da jini yake fashewa fiye da ƙima

Abin da ke ba mu tsoro shi ne a sami wani dalili da zai sa ƙwayoyin jinin su riƙa fashewa tun wa'adinsu bai yi ba. Hantar da take fama da ɗan abin da ta saba sai a jibga mata ninkinsa cikin yini ɗaya.

Dalilin da aka fi sani shi ne saɓanin rukunin jini. Idan uwa O ce, ɗa kuma A ko B, wasu daga cikin garkuwar jikinta suna iya tsallakawa ta mabiyiya su kama ƙwayoyin jininsa, kuma wannan yana faruwa ko a cikin fari. Idan kuma uwa mai alamar ragi ce a katinta, wato Rh−, ɗa kuma Rh+, cikin fari yakan tsira, na bayansa ne suke shan wahala, sai fa idan an yi mata allurar anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari. Irin wannan shawarar takan fito da wuri. Duk jaririn da ya yi rawaya kafin ya cika awa 24 da haihuwa, ba ta al'ada ba ce, ko da kuwa yana tsotso lafiya lau.

Amma a kan ɗanka, namiji mai kwana huɗu, abin da na fi so ka sani shi ne ƙarancin G6PD. Wannan wani sinadari ne da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, aikinsa ya kare su daga wasu abubuwa masu cin bangonsu. Ƙarancinsa gado ne, kuma ya yi yawa a Najeriya: a kowane maza biyar ko shida akan sami ɗaya mai shi. Ɗa namiji ta wajen uwa yake gadonsa, ita kuma galibi ba ta san tana ɗauke da shi ba, don ba ya damunta. 'Ya'ya mata ma suna iya samu, amma ya fi bayyana a maza. Ba sikila ba ne. Na sha jin uba yana cewa ai shi da matarsa duk AA ne, sun yi gwaji kafin aure. Wancan gwajin ba ya duba wannan ko kaɗan.

Mai wannan ƙaranci yana iya girma har ya tsufa bai sani ba. A jariri kuwa, ko ba a sami abin da ya tayar da shi ba yana iya sa shawara ta yi tsanani, in kuma ya haɗu da abin da ke fasa ƙwayoyin, sai abin ya zo kamar ƙiftawar ido. Na gaba a jerin waɗannan abubuwa a gidajenmu shi ne kafur, farin ƙwallon nan da ake jefawa cikin akwati ko durowa saboda kyankyaso. Mai ciki takan tanadi kayan jariri tun da watanni, ko ta ajiye na yayyensa, ta zuba kafur ta rufe. Ranar haihuwa a ciro su a sa wa yaro, a naɗe shi da zanin da ya kwana tare da su. Sinadarin kafur yana shiga ta numfashi, yana kuma ratsa fata, musamman fatar da aka shafe da mai. Ban da kafur akwai man zafi da hodar da ake sa wa mantol, waɗanda wasu ke shafawa a cibi ko ƙirji, akwai kuma lalle idan aka sa wa jaririn kansa. Ƙwayoyin cuta da suka shiga ta cibi, ko ta wurin da wanzami ya cire beli, su ma suna tayar da shi, suna kuma ƙara wa hanta nauyi.

Abin da ya sa wannan nau'in ya fi yaudara shi ne lokacinsa. An sallami uwa daga asibiti washegarin haihuwa yaro fes, ko an haihu a gida ungozoma ta ga komai lafiya. Sai a kwana na huɗu ko na biyar bilirubin ya yi tsalle, ba ma'aikacin lafiya ko ɗaya a kusa.

Na taɓa karɓar wani yaro daga cikin birni, mai nauyin kilo 3, cikakken wata tara, haihuwar gida. A kwana na uku aka ga rawaya a idonsa, aka fara fito da shi hantsi ana ɗiga masa gulukos. Daren kwana na biyar ya ƙi kama nono, aka ce barci ne ya yi masa yawa. Da safe kukansa ya koma siriri mai tsini, yana ɗan banƙarewa idan an ɗauke shi, sai aka kawo shi. Tun kafin sakamako ya fito, da uwar ta warware zanin da ta naɗe shi, warin kafur ya cika wurin. Kayan yayansa ne da suka shekara biyu a akwati. Bilirubin ɗinsa ya fito 27 mg/dL. Awon yawan jininsa, PCV, ya nuna 32 cikin ɗari, alhali na jariri mai irin kwanakinsa ya kamata ya haura 45, wannan ya tabbatar mana cewa jini ne yake fashewa. Uwa da ɗa duk B ne masu alamar tarawa, don haka ba saɓanin rukuni ba ne.

Muka sa shi ƙarƙashin hasken fitilar da ke sauke bilirubin nan take, amma wanda ya kai wannan adadi har ya fara banƙarewa, haske kaɗai ba zai cim masa ba, sai an yi masa canjin jini. Ana zura siririyar roba ta jijiyar cibi, a zuƙe nasa kamar mililita 10 zuwa 15, a mayar da sabo daidai wannan, a yi ta maimaitawa har a juya ninki biyu na dukkan jinin jikinsa. Lissafin mililita 160 ne a kowane kilo, nasa ya kama 480, kusan leda guda ta babban mutum, kuma dole ya zama jinin da bai daɗe a ajiye ba. Aikin kansa awa ɗaya zuwa biyu ne, amma neman wanda zai ba da jini da gwada dacewarsa sun ci fiye da haka, bilirubin kuma yana nan yana aikinsa. Bayan canjin ya sauko 14, ya ɗan sake hawa zuwa 17 kamar yadda yakan yi saboda wanda ke cikin tsoka yana dawowa jini, sannan haske ya ƙarasa saukar da shi. Gwaji daga baya ya nuna ƙarancin G6PD. Yaron ya rayu, ya zauna, ya yi tafiya, amma jinsa ya ragu sosai a kunnuwa biyu. Da an auna shi a kwana na uku, da alama haske na kwana biyu ko uku da raba shi da waɗancan kaya sun wadatar.

Yadda take taɓa ƙwaƙwalwa

Albumin yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Idan bilirubin ya fi ƙarfinsa, ragowar yana yawo a sake, kuma tun da mai yake so, ƙwaƙwalwa kuwa cike take da kitse, can yake nufa. Ba ko'ina yake zama ba. Ya fi kama sassan da ke daidaita motsin jiki, da hanyar ji, da masu juya ido. Shi ya sa yaron da ya tsira bayan ta yi masa illa yake da kamanni sananne: jiki yana murɗewa ba da sonsa ba, wuya ba ya tsayawa, ba ya ji sosai, ba ya iya ɗaga ido sama, haƙoransa na farko su fito da tabo. Da yawansu hankalinsu kalau yake, jikin ne ya ƙi ba su haɗin kai, kuma a ganina wannan ya fi komai ciwo. A gida sai a ce iska ce ta taɓa shi a jego.

Alamomin suna zuwa daki-daki. Da farko yaro ya yi laushi, barci ya yi yawa, a sa masa nono ya tsotsa sau biyu ya saki. A wannan mataki idan aka sauke bilirubin da sauri, yawanci ana tsira ba tabo. Daga nan sai kuka mai tsini, zazzaɓi, wuya da baya su riƙa banƙarewa. Na ƙarshe shi ne jijjiga, ɗaukewar numfashi da suma. Kalmar da ba na son ji daga bakin mai jego ita ce "yaron ba shi da rigima, sai barci", idan jikinsa rawaya ne. Jariri mai kwana huɗu ya kamata ya farka ya nemi nono da kansa duk bayan awa biyu zuwa uku.

Me lambar take nufi

Ba lamba ɗaya ce ke raba lafiya da haɗari ba, ana karanta ta ne tare da awannin yaro. Bilirubin 8 a yaron da bai cika awa 12 ba ya fi tayar mini da hankali a kan 12 a mai kwana huɗu. Ga cikakken wata tara mai irin kwanakin ɗanka, idan ya kai wajen 15 mukan fara haske, idan ya doshi 20 kuma ga alamar jini yana fashewa, mukan fara shirin canji. Jadawalin ƙasashen Turai yana barin lambar ta haura haka kafin a motsa, amma mu a nan muna da yawan masu ƙarancin G6PD da masu ciwon cibi, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas, ga jini da ba a samu nan take, don haka gara mu fara da wuri. Bakwaini da mara lafiya ana fara musu a ƙasa da haka. Wasu ɗakunan gwaji suna rubuta sakamako da µmol/L. Ka raba da 17 ka sami mg/dL, wato 340 daidai yake da 20. Kuma awo ɗaya ba ya isa idan ana zargin fashewar jini. Akan maimaita bayan wasu awanni, domin wanda yake hawa da fiye da 0.5 mg/dL a kowace awa yana gudu ne, ko da lambar farko ba ta da yawa.

Ido ba ya maye gurbin wannan awo, balle a fatarmu, balle a ɗakin mai jego da labule a sake. Abin da ido zai iya shi ne ya nuna inda ta kai. A fito da yaro hasken rana, a danna goshi ko karan hanci da yatsa a saki, a duba launin wurin, a duba dasashi da farin ido. Rawayar daga kai take farawa ta gangara. Ta ɗanka ta riga ta sauka ƙirji cikin yini ɗaya, kuma wannan saurin ne ya sa na ce yau. Idan ta kai tafin hannu ko tafin ƙafa, ko tsakar dare ne a tafi.

Hantsi, gulukos da sauransu

Batun rana yana da tushe. A wani asibiti a Ingila cikin shekarun 1950 ne wata ma'aikaciyar jinya ta lura cewa jariran da take fitarwa rana rawayarsu tana raguwa, daga nan aka ƙera fitilar da muke amfani da ita. Shuɗin haske yana sauya siffar bilirubin da ke cikin fata ya zama mai fita ta matsarmama da fitsari ba sai hanta ta sarrafa shi ba. Amma fitilar asibiti tana haska yaro tsirara, da ido a rufe, dare da rana, ana ɗauke shi ne kawai don ya sha nono. Minti ashirin na hantsi da riga a jiki ba su kusa da wannan ba, kuma ranar Zariya tana iya ƙona shi ta busar da ruwan jikinsa, a hunturu kuma sanyi ya kama shi. An gwada amfani da rana a Legas an kuma ga amfaninsa, amma a ƙarƙashin rumfa ta musamman mai tace zafi da haske mai cutarwa, ma'aikata suna auna zafin jikin yaran da jininsu.

Ruwan gulukos ba ya wanke komai, domin wannan bilirubin ba ta fitsari yake fita ba. Cika cikin yaro yake yi ya rage tsotso, kashi ya ragu, rawaya ta ƙaru. Ɗigon amfikulos da ake saya a kemis shi ma ba ya sauke ta, haka jiƙe-jiƙen gida. Saftirin kuwa kada ya kusanci jariri, saboda yana ture bilirubin daga jikin albumin ya sake shi cikin jini. Abin da ke taimakawa daga gida shi ne nono, sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare, a tashe shi idan ya wuce awa uku. Idan Hajiya ta ga kamar an ƙi maganarta, ka ce mata awo kawai za a yi, in ya fito ƙasa ku dawo gida a ci gaba da shirin suna. Ka tafi da ita ma in za ta yarda, don ta ji daga bakin ma'aikata.

Yau ɗin nan, kafin ku fita, a shinshina kayan yaron da zannuwan uwar. Duk abin da ke warin kafur a cire shi daga ɗakin gaba ɗaya, wanki ɗaya ba ya fitar da shi. Ku ɗauki katin awon ciki saboda rukunin jininta. Ka tambaye ta ko a cikin 'yan'uwanta maza, ko 'ya'yan 'yan'uwanta mata, akwai wanda ya yi shawara mai tsanani yana jariri, ka faɗa wa likita. Ku nufi inda ake auna bilirubin kuma ake da fitila. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen jarirai da ake yin haske da canjin jini, in kuma kun fara da asibitin kusa, ka tambaya kai tsaye ko suna yin gwajin a ranar. Ka roƙi a haɗa da PCV, da rukunin jinin yaro, da G6PD. Idan wannan na ƙarshen ya fito lafiya alhali ana cikin fashewar jini ko bayan an ƙara masa jini, a maimaita shi bayan kamar wata uku, domin sababbin ƙwayoyi suna iya ɓoye ƙarancin.

Ban ga ɗanka ba, kuma tun da yana tsotso, mai yiwuwa ne sakamakon ya fito a inda ba a buƙatar komai sai nono da sake awo gobe. Ko da hakan ta kasance, ku ci gaba da lura bayan suna. Rawayar da ta wuce mako biyu tana buƙatar a sake dubawa. Sau da yawa ta nono ce, wadda ba ta da illa kuma ba a yaye yaro saboda ita. Amma idan kashinsa ya koma fari-fari kamar alli, fitsarinsa ya yi duhu yana ɓata nafkin, wannan wata cuta ce daban, toshewar hanyar matsarmama, kuma tiyatarta ta fi yin nasara idan an yi ta kafin yaro ya cika wata biyu.